Lahadi goma sha ɗaya

A sashen wanki da guga na wani otal, ba mai kiranta da sunan yanka. Ba-Komai ake ce mata, don ko ƙafarta ka taka, kafin ka ba ta haƙuri ta riga ta ce maka ba komai. Shekararta tara tana ninke zannuwan gado a wannan ɗaki mai tururi, har ta kai da ido kawai take gane tawul ɗin da bai sha ɗauraya ba.

Su shida ne a sashen. Ranar Lahadi mutum uku ake buƙata, saboda ranar ce baƙi suka fi sakin ɗakuna, wanki ya taru kamar tsauni. A ƙa'ida kowa zai yi Lahadi ɗaya ya huta ta gaba. Jadawalin aikin kuwa yana manne a bayan ƙofa, shugabar sashen ke rubuta shi da fensir duk farkon wata.

Akwai wata abokiyar aikinta da suke kira 'Yar Biki, wadda danginta ba sa gajiya da haihuwa. Yau suna, gobe barka. Sai ta langaɓar da kai ta ce, “Yaya, riƙe min Lahadin nan, zan rama miki.” Shugaba ta goge suna ta sa wani. Ramuwar ce dai har yau ba ta samu motar zuwa ba.

Ranar da autarta ta tambaye ta ko otal ɗin nasu ne, shi ya sa ba ta hutu, abin ya tsaya wa Ba-Komai a rai. Dama tana ɗaukar hoton jadawalin a waya don kada ta manta ranakunta. Ta buɗe na wata uku ta ƙirga. Cikin Lahadi goma sha biyu, ta yi sha ɗaya.

Ta zaunar da maigidanta, wanda tela ne, ta ce ya zama shugaba za ta gwada magana a kansa. Ya gyara zama, ya saƙala fensir a kunne.

“Ranki ya daɗe, an daɗe ana cutata a wurin nan.”

“Wa ya cuce ki? Ni?” Ya haɗe rai. “Kin ga har na fara kare kaina, ban ma ji lissafin ba. Sake.”

“'Yar Biki ce take...”

“Yanzu kuma kin zama mai kai ƙara. Ki bar sunan kowa a gida. Takarda ta fi ki baki, bar ta ta yi magana.”

Sau huɗu yana korar ta daga ofis, har da cewa ta ja masa ƙofa, alhali a tsakar gida suke.

Ranar Talata da hantsi, lokacin da injuna ke juyi kuma aiki ya lafa, ta sami shugaba ita kaɗai tana ƙirga bargo.

“Ranki ya daɗe, in kina da minti biyar, wani abu nake so ki duba min, ko ni ce na yi kuskuren ƙirga. Na ga kamar Lahadina sun kai sha ɗaya a wata ukun nan, ni kuma shida na zata.”

Shugaba ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta bi hotunan da yatsa. Can sai ta dafe goshi. Ashe duk farkon wata jadawalin da ya wuce take kwafewa. Duk musanyar da aka yi ta rana ɗaya, sai ta bi kwafi ta zauna daram kamar gado.

“Me ya hana ki magana tuntuni?”

“Nauyin baki. Amma da za a riƙa rubuta musanya a littafi daban, tare da ranar da za a rama, jadawalin asali kuma a bar shi yadda yake, ina ganin kowa zai huta.”

Shugaba ta ƙirga na sauran. Wani dattijo mai guga, wanda bai taɓa cewa uffan ba, sha biyu cif ya yi. Da aka tambaye shi, sai ya ce shi ya ɗauka haka dokar take ga masu furfura.

A taron safe shugaba ta ce kuskurenta ne, ba ta ambaci sunan kowa ba. Ta kafa sabon jadawali da biro, ta rataye littafin musanya a jikin ƙusa. 'Yar Biki ta yi kwana biyu tana gaisuwa a taƙaice, a na uku ta zo da kanta ta rubuta Lahadi biyu da za ta rama, tana cewa sauran sai dai a yafe mata don zumunci.

Lahadin farko da Ba-Komai ta samu, ta farka da sassafe ta rasa abin yi. Kafin azahar ta goge kayan gidan kaf, har da safar maigida da tsumman da yake share keken ɗinkinsa. Autar ce ta zo ta cire wayar dutsen gugar daga bango, ta ja hannunta suka tafi gidan kaka.