Darasin Maganaɗisu a Gidan Rediyo

A shekarar da annoba ta rufe makarantu, gidan rediyon da nake aiki a unguwar Garki ta Abuja ya tuna cewa yara ma suna da kunne. Aka ware wani lokaci da hantsi don karatu, aka ɗora ni a kai, saboda a cewar Oga, shugaban sashen shirye-shirye, ni ce ba na tsoron lissafi. Ban san inda ya samo wannan labari ba.

Malaman Turanci da na tarihi ba su ba mu wahala ba, dama sana'arsu surutu ce. Fiziks ne Oga ya ƙi. Ya ce abin da sai an gani ba ya shiga rediyo, gara a mayar da lokacin ga shirin gaishe-gaishe. Da ƙyar ya yarda a gwada wani malami sau ɗaya, kai tsaye. Idan ya yi, filin nasa ne. Idan bai yi ba, ya koma gida.

Malamin mutumin Filato ne, yana zaune a Masaka, kusa da Abuja. Makarantar kuɗin da yake koyarwa ta sallame shi tun da aka rufe, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Ya iso da takalmi a goge, da leda ɗauke da sandar maganaɗisu, da waya naɗaɗɗiya a jikin guntun bututun roba, da wata mitar auna wutar lantarki mai allura a tsakiya.

"Malam, ka san dai ba talabijin ba ne?" na ce.

"Anti, kar ka damu. Ni zan yi, kai za ka faɗa musu abin da ka gani."

Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji, kowa "kai" ne. Aikin da ya ba ni kuwa shi aka koya mini tun ranar da na fara: faɗi abin da kika gani, kada ki ƙara, kada ki rage.

Dokar ba da tazara ta sa aka zaunar da mu ƙarshe da ƙarshe na dogon teburi, muna fuskantar juna. Bututun yana kwance a tsakaninmu, baki ɗaya wajensa, ɗayan wajena. Oga yana bayan gilashi tare da injiniya, ya harɗe hannu.

Farkon ya tafi lafiya. Malam ya haɗa bakin wayar biyu da mita, ya tura maganaɗisun cikin bututun, na ce allura ta zabura. Ya tsayar da hannunsa, maganaɗisun na ciki, na ce ta koma tsakiya ta kwanta. Ya zaro, na ce ta zabura ta ɗaya gefen. Na ji kaina ina magana kamar mai sharhin ƙwallo. Ya bayyana cewa zaman maganaɗisu kusa da waya ba ya haifar da komai. Sai ƙarfinsa da ke ratsa naɗin ya ƙaru ko ya ragu wuta ke tashi, kuma gwargwadon saurin canjin, gwargwadon zaburar allura. Ya ce makirufon da ke gabana ma haka yake aiki, muryata ce ke girgiza ɗan naɗin waya kusa da maganaɗisu. Injiniya ya gyaɗa kai kamar an yabi ɗansa.

Sai aka zo kan inda wutar ke bi. Malam ya ce naɗin ɗan hamayya ne, duk canjin da aka kawo sai ya ƙi. Ka turo kan arewa na maganaɗisu, bakin da ke fuskantarsa ya zama arewa don ya ture shi. Ka janye, ya zama kudu don ya riƙe shi.

"To yanzu ina tura arewa. Wutan zai zagaya haka." Ya ɗaga yatsa ya zana da'ira a iska. "Anti, faɗa musu."

Na duba yatsan da kyau. Na ce, "Masu sauraro, wutar tana zagayawa yadda hannun agogo ke tafiya."

Malam yana can yana neman shafi na gaba a takardunsa, bai ji ni ba. Muka buɗe layin waya.

Wadda ta fara kira ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe daga Durumi, muryarta a tsaye. "Malam, sannu da aiki. Amma a littafinmu, idan arewa ya shigo, saɓanin hannun agogo ne. Wanne zan rubuta a jarrabawa, na littafi ko na rediyo?"

"Saɓanin agogo ne mana. Haka na nuna," in ji Malam.

"A'a, bin agogo aka ce. Babana ma ya ji."

Daga bayanta wata muryar namiji ta ce, "Na ji da kunnena!"

Bayan gilashi Oga ya warware hannunsa, ya sunkuya yana yi wa injiniya magana. Na san wannan sunkuyon, waƙa ake nema a sako. Malam ya dube ni.

"Anti, me ka ce musu?"

"Abin da na gani, Malam. Sake yi."

Ya sake zana da'irar. Na sake cewa bin agogo ne, domin bin agogo ne. Ya kalli yatsansa kamar wani ne ya ba shi aro. Shiru a rediyo ba ya da tsawo kafin ya zama laifi, wannan kuwa ya fara zama.

Sai ya miƙe. Kujerar ta yi ƙara a kunnen duk Abuja. Ya zagayo teburin, ya tsaya a bayana, dokar tazara ta bi iska, ya sunkuyo kan makirufona.

"Yarinya, Baba yana kusa? Baba, don Allah tsaya a gaban shi. Yarinya, juya yatsa saɓanin agogo. Baba, me ka gani?"

Aka ɗan yi motsi. Muryar ta ce, "Bin agogo take yi."

"Wallahi Baba saɓani nake yi!"

"Ke, ni za ki gaya wa agogo?"

"Duk kun yi daidai," in ji Malam. "Wuta ɗaya ne, zagaye ɗaya ne. Ni ina wajen maganaɗisu, Anti yana ɗaya bakin. Littafi yana kallo daga wajen maganaɗisu. A jarrabawa rubuta saɓanin agogo, ka ƙara da cewa idan an duba daga inda maganaɗisu ke shigowa."

Yarinyar ba ta sake shi ba. Ta ce idan ta manta fa, a zauren jarrabawa babu Baba. Malam ya ce kada ta haddace, ta tambayi kanta abin da naɗin yake ƙi. Da bakin zai zama kudu lokacin da arewa ke zuwa, da ya jawo maganaɗisun, gudu ya ƙaru, wuta ta ƙaru, babu wanda ya yi wahala. Da haka duniya take, in ji shi, da babu mai sayar da janareta a Masaka. Tunda masu sayar da shi suna nan suna ƙiba, bakin arewa ne. Bakin arewa kuwa, ga mai kallonsa, wutarsa saɓanin agogo take bi.

Uban ya karɓi wayar ya ce shi direba ne, yana so a sake bayanin janaretan a hankali. Layuka suka cika. Lokaci ya ƙare muna kan mai kira na gaba.

Da aka kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri, Oga ya shigo. Ya ce a tsawon aikinsa bai taɓa jin an ja kujera kai tsaye ba, kuma an karya dokar tazara a gaban idonsa. Ya juyo kaina. Na ce na faɗi abin da na gani, kamar yadda shi da kansa ya koya mini. Sai ya ɗauki maganaɗisun ya tura cikin bututun, ya zaro, yana kallon allura.

"Mako mai zuwa me za ka koyar?"

"Taransifoma, Oga."

"Ba za a shigo da shi nan ba dai?"

"A'a, Oga."

"To a jera kujerunku gefe ɗaya, ku fuskanci bango ɗaya. Ka zo da wuri."

Malam ya tattara kayansa cikin leda, ya fita baranda don ya kira matarsa. Oga bai mayar masa da maganaɗisun ba sai da aka bi shi ofis.