Ƙurajen garmar Kawu

Abu na farko da na ƙera a kwamfuta tulu ne, kuma sai da na mayar da shi ƙarfe. Ban yi da niyya ba. A ajinmu na koyon ƙera kayan gem, wato wasan kwamfuta, can bayan tashar Bebeji, Malam ya ce a hoton metalik fari yana nufin ƙarfe, baƙi yana nufin duk abin da ba ƙarfe ba. Ni kuwa na ji kalmar fari na ɗauka yabo ne, na shafe tulun da fari fat tun daga baki har gindi. Da aka haska masa fitila sai ya fito yana walƙiya kamar salansar sabon babur. Na rantse da a ce wata tsohuwa ta ɗauke shi zuwa rafi, da direbobin hanyar Kano sun yi ta faɗawa kwalbati.

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne Kawu. Ba kawun kowa ba ne a cikinmu. Maƙeri ne daga wajen Kiru, ya haura shekara arba'in, ya girmi Malam ma, shi ya sa muka laƙaba masa hakan. Kullum da safe yakan zo a kan tsohon babur ya zauna a cikinmu, mu 'yan shekara sha shida sha bakwai, da yatsunsa masu kanta waɗanda in ya danna harafi ɗaya sai uku sun fito.

Ya leƙo allon kwamfutata ya ce, a gaban 'yan matan ajin, "Yaro, ƙasa ba ƙarfe ba ce. Ko jaki ya san wannan, don yana birgima a kan ɗaya, ba ya yi a kan ɗayan."

A nan ne 'yan matan suka kwashe da dariyar da ta fi ta farko. Na ƙullace shi.

Gaskiya ita ce Kawu ya fi mu, nesa ba kusa ba. Kowane abu a gem, bayan launinsa, ana liƙa masa wasu hotuna da ke gaya wa haske yadda zai sauka a kansa. Akwai metalik ɗin da ya kunyata ni. Akwai rafnes, inda baƙi ke nufin santsi da sheƙi, fari ke nufin kaushi. Sai nomal, wani hoto shuɗi-shuɗi mai kama da ruwan bula, wanda ke sa ido ya ga rami ko tudu a inda babu komai sai shafaffen wuri. Mu haddace waɗannan muke yi kamar karatun jarrabawa. Shi Kawu a hannunsa ya san su. Shi ya fara cewa tsatsa ba ƙarfe ba ce, a yi mata baƙi a metalik, kafin Malam ya kai ga wannan darasin. Malam ya tsaya ya dube shi kamar an yi masa satar amsa.

Wata rana Malam ya shigo da labari. Wasu samari a Kano suna haɗa gem na ƙauye, suna neman mutum ɗaya da za su ɗauka ya riƙa yi musu kayan gona da na gida. Ɗayansu zai zo ranar Asabar ya ɗora aikin kowa a injin gem ɗinsu, ya zaɓi guda. Sun aiko da takardar sharuɗɗa, Malam ya liƙa ta a bango, ya buga yatsa a kan layi na uku. Hoton nomal yana da ɓangare uku, ja da kore da shuɗi, kuma injinsu yana karanta koren ne a juye da yadda manhajarmu ke fitar da shi. Don haka dole kowa ya juya koren sau ɗaya kafin ya miƙa.

"Sau ɗaya na ce," in ji Malam. "In ka juya sau biyu ka koma gidan jiya, raminka ya zama tudu."

Kawu ya zaɓi garma. Ya ɗauko ta gaske daga maƙerarsa, ya jingina ta kusa da kwamfuta, ya yi mako uku yana kallonta kamar mai neman aurenta. Ya sa sawun masaba, gudumar maƙera, a ruwan garmar, ramuka ƙanana ɗaya bayan ɗaya. Bakin da ƙasa ta goge ya yi masa duhu a rafnes don ya yi sheƙi. Ƙotar ya bar ta da kaushi, sai daidai inda hannu ke kamawa ya ɗan sa mata santsi. Ya taɓa gaya mini, lokacin da wuta ta ɗauke muna jiran a tayar da janareta, cewa hayaƙin gawayi ya fara cin ƙirjinsa, likita ya ce ya rage zama a bakin wuta. Wannan aikin na Kano shi ne ƙofar da yake gani. Na ce Allah Ya sa a dace, har da shafa fuska.

Ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, ya gama. Ya juya korensa, ya duba takardar bango, ya sa alama a littafinsa. Sai ya miƙo mini filash ɗin Malam da ake tara aikin kowa.

"Ɗana, kai ne mai saurin hannu. Kwashe min hotunan nan ka zuba, kada in danna wani abu in ɓata."

Ya fita alwala. Aka bar ni da garma.

Na buɗe nomal ɗinsa na sake juya koren. Dannawa biyu ce kawai. Na duba hoton, shuɗi ne dai kamar dā, ba mai ganewa da ido sai gwani. Sai na ga kamar abin bai kai ba, na buɗe rafnes na juya shi gaba ɗaya, farin ya koma baƙi, baƙin ya koma fari. Na adana su a filash da sunayensu na asali, na bar na cikin kwamfutar yadda suke. A raina na ce za a yi dariya na minti ɗaya, in tashi in ce ni ne, a gyara. Haka na gaya wa kaina har cikin sahu.

Baƙon ya iso Asabar da hantsi, siriri, da tabarau da laftof mai fitilu kala-kala. Bai zauna ba ma sosai, ya ce motar ƙarfe ɗaya na rana zai bi. Ya ce abin da ke cikin filash shi zai duba, don a wajen aiki ma abin da ka miƙa shi ne kai.

Nawa ya fara buɗewa, kujerar tsugunno. Ya juya ta sau ɗaya ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ita ce duk ladan aikina na mako uku. Ya wuce zuwa na wata yarinya 'yar Tudun Wada da ta yi kwanon sha mai ɓantaren fenti, ya ɗan daɗe a kai. Sannan ya zo kan garma.

Jama'a, na ga abin da hannuna ya shuka. Da ya sa fitila daga sama, kowane sawun masaba ya kumbura ya fito waje, ruwan garmar ya cika da ƙuraje. Ƙotar tana ƙyalli kamar an tsamo ta daga tuyar ƙosai, sai daidai wurin kamawa ne ya dushe. Bakin garmar kuwa, wanda ya kamata ya ɗauki ido, ya mutu kamar toka.

Kowa ya zuba wa garmar ido. A nan ne ya kamata in tashi. Na kuwa buɗe baki, amma abin da ya fito shi ne, "Kawu, ba a yi wa garmar nan rigakafin ƙyanda ba ne?"

Ɗakin ya fashe. Wani yaro ya faɗo daga benci. Ɗaya ya ce a kai ta asibiti, wani ya ce a'a, a kai ta wajen mai ƙosai ta ƙarasa soyuwa. Ni kuma da na ji dariyar tana zuwa ta wajena, sai na ƙara, na kama ciki ina kwaikwayon garma mai zazzaɓi. Ban taɓa samun kasuwa irin ta ranar ba.

Baƙon bai yi dariya ba. Ya danna wani ɗan akwati a injinsa, nan take ƙurajen suka koma ramuka.

"Kore ne," ya ce. "Gyaransa daƙiƙa ɗaya. Amma mun rubuta shi a takarda. In sai na bi bayan mutum ina gyara abin da na riga na rubuta masa, gara in yi da kaina." Ya zuƙo ƙotar kusa. "Wannan kuma fa? Itace yana sheƙi, baki ya dushe. Baba, ka taɓa riƙe garma kuwa?"

Garmar gaske tana nan jingine a bango, taku biyu daga ƙafarsa.

Kawu ya miƙe tsaye, ya cire hula ya mayar. "Ranka ya daɗe, ni nake ƙera su."

"To ka fi kowa sanin ba haka take ba."

Malam, da kunya ta kama shi a gaban baƙo, ya juya kan Kawu. "Sau nawa na faɗa? Sau ɗaya, sau ɗaya! Ga takarda a bango, ko sai an karanta maka da ajami?"

Kawu ya buɗe littafinsa ya dubi alamar da ya sa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juyo ya dube ni, na ce a raina shi ke nan. Ashe ba zargi ba ne a idonsa, shaida yake nema.

"Ɗana, kai ka ga lokacin da na juya. Ko sau biyu na yi ban sani ba?"

Asalin aikinsa yana cikin kwamfutar da ke bayana. Da an buɗe shi, da an ga rafnes ɗinsa daidai yake. Kowa yana kallona, har da yarinyar Tudun Wada, har da baƙon da ya fara naɗe wayar cajinsa.

Na ɗaga kafaɗa na ce, "Wallahi Kawu, da irin yatsun nan naka, ko sau bakwai ma za ka iya."

Aka sake dariya, amma ba ta kai ta farko ba. Kawu ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa abin da dā ma yake tsoro. Ya dubi hannuwansa, ya ce, "Haka ne. Girma ya zo." Ya yi wa baƙon godiya, ya yi wa Malam godiya, ya saɓa garmarsa a kafaɗa. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce da ni, "Na gode da ɗawainiya, Allah Ya yi albarka." Na ce amin.

Baƙon ya ɗauki yarinyar Tudun Wada. Ranar Litinin Malam ya share aikin waɗanda ba a zaɓa ba saboda kwamfutar ta cika, har da na Kawu, ina tsaye ina kallo. Kawu bai sake zuwa ajin ba, ya koma maƙera. Ban taɓa gaya masa ba.