Fuskar da ta kauce

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ballantana ta ajiye hotonsa. Kunya ce, kuma a Illela ba a ba mu labarin wadda kunya ta cuta ba. Da ya tafi ci-rani arewa salularsa ta daina shiga, damina ta zo ta wuce, sai wani direban Agadas ya ce in an ba shi hoto zai riƙa nunawa a tashoshi.

Hoto ɗaya muka samu, na wani bikin suna, inda aka matsa wa ita da ɗan suka zauna tabarma guda. Na ɗauki yaya muka tafi Konni wurin mai hoto, ni da na ƙare aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ina gaya wa yara kowace tambaya da amsarta.

Mai hoton ya buɗe shi a kwamfuta, ya faɗaɗa. Fuskar yaya ta ɗan yi dishi-dishi, don kyamarar ta fi kama bangon da ke bayanta. Ya ƙara mata kaifi kaɗan-kaɗan har tsagar kumatunta ta fito. Ya ce abin ba ya ƙirƙirar komai, bakin layin da ke nan yake ƙara wa ƙarfi, inda haske ya haɗu da duhu.

Ya koma kan yaron, wanda ya kawar da kai daidai lokacin da aka danna, don kada ya haɗa ido da uwarsa. Hancinsa ya ja har kunne, idanun sun zama zane biyu.

"Ƙara mishi, ɗana," yaya ta ce wa mai hoton.

Ya ƙara. Farin layi ya kewaye kan, fatar ta yi tsaki-tsaki, fuska dai ba ta zo ba.

"Inna, wanga motsi ne. Abin da kyamara ba ta kama ba, ba ya ciki."

Na sa baki da muryar aji, na ce ai na ji akwai manhajar da ke gyara kowace fuska.

"Akwai, Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin lakwal. "Ita cikewa take da ka, kamar ɗalibin da bai yi karatu ba."

Na nace, ya gwada. Wani kyakkyawan saurayi ya fito, har da saje. Yaya ta daɗe tana kallonsa, yadda ba ta taɓa kallon nata a gaban mutane ba.

"Allah shi raya ma uwarshi shi," ta ce. "Wanga ba nawa ba ne."

Ta roƙi mai hoton ya sake gwadawa, ta kama bakin rigarsa, tana kwatanta masa goshi da wushirya. Ya ce zai iya zanawa, amma direba zai yi ta neman mutumin da ba a haifa ba.

Motar Agadas tana lodi. Yaya ta nuna nata gefen hoton.

"Wanke wannan. In bai mance ni ba, shi ya gane."

Matar da ba ta son a ga haƙorinta a kasuwa, fuskarta muka miƙa wa direba, ya soke ta a jikin gilashi.