Gahawar Baba a Firizar Safana

A shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noman gonar da ke bayan Karare, Yayana ya ɗauko mahaifinmu ya dawo da shi gidansa a cikin garin Batsari. Ni a lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Safana, sai ranar Juma'a bayan an tashi nake hawa babur in je in duba shi. Ni da Yaya ba ma ga maciji tun muna yara. Shi malamin gona ne a ƙaramar hukuma, kuma a wurinsa duk wanda bai iya riƙe fartanya ba, bai san komai ba a duniya. Ni kuwa ina yi masa kallon mutumin da ya rufe littafi tun ranar da ya karɓi takardar ɗaukar aiki.

Tun da Baba ya baro ƙauye ya shige ɗaki. Daga masallaci sai tabarma, ya juya fuskarsa bango. Tuwo sai an yi da gaske yake cin loma uku. Abu ɗaya ne ke fito da shi, gahawa. A ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana aikin auduga a Sudan a kan hanyarsa ta zuwa Makka, a can ya koyi shanta. Idan akwai gahawa a gida, da hantsi zai fito zaure da ƙaramin turminsa, ya daka tafi ɗaya da 'yar citta, ya dafa a kan gawayi, ya sha finjali uku. Daga nan sai ka ji yana tambayar nawa ake sayar da gero, har ya nemi kunu. Idan babu, to ranar ba za ka ji muryarsa ba.

A Batsari ba a sayar da ƙwayar gahawa, sai ta gwangwani mai narkewa a ruwan zafi, wadda Baba ke kira ruwan toka. Saboda haka da ƙanwarmu da ke aure a Makka ta aiko da soyayyar ƙwaya wajen tiya biyu ta hannun wani da ya dawo Umara, gidan ya yi kamar ranar Sallah. Da aka kwance ƙullin, ƙamshi ya kai har ƙofar gida. Mun san kuma ba za a samu mai kawo wata ba sai bayan aikin Hajji.

A nan rigima ta tashi. Yaya ya ce zai adana ta yadda yake adana wake: a zuba a mazubi mai murfin da iska ba ta shiga, a cika shi fal, a tura ƙarƙashin gado a ɗakin ƙasa. Na yi dariya har da buga cinya.

"Yaya, wannan ba waken suya ba ne. Ko ƙwayar maganin ƙwari ma za ka jefa mata?"

"Kai dai, Malam, faɗi naka mu ji," in ji shi. Idan ya kira ni Malam, zagi ne.

Na zaro waya na nuna masa abin da na karanta, cewa sanyin firiza yana tsayar da tsufan gahawa, ta yi watanni ƙamshinta na nan. Layi biyu na farko kawai na karanta, amma na yi ta zuba kamar ni na rubuta. Na ce zafin Batsari a watan bazara zai cinye ta kafin wata ɗaya. Ya ce wace firiza, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo? Na ce a Safana maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo tana da babbar firiza, har da janareto.

Muka ɗaga murya har Baba ya leƙo daga ɗaki. Bai tambayi wa ke da gaskiya ba, ya ce, "Ku raba ta biyu, ku bar ni in ji da kaina." Yaya ya kawo kwano ya auna, yana share bakin kwanon da yatsa don kada ƙwaya ɗaya ta ƙaru a nawa. Aka yi shawara a fara shan tawa, tasa ta jira. Ni na nemi haka, don ina so ya gani da idonsa.

Na ɗaure rabona a leda baƙa guda ɗaya, na ƙara wata a kai, na kai wa matar. Ta karɓa ta cusa a gefe, tsakanin robobin zoɓo da kwalin ɗanyen kifi da take ajiye wa masu tuwo-tuwo. Na ga kifin, ban kawo komai a raina ba. Duk Juma'a zan je in ciro ledar, in kwance ta nan take a tsakar gida, in ɗebi na mako, in sake ɗaurewa. Ina lura da yadda ƙwayar ke yin gumi da zarar iska ta taɓa ta, sai in ce ai alamar ta yi sanyi ke nan. Ga shi shekarar ce man fetur ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Janareton da na yi wa Yaya fankama da shi, sai ya kwana biyu ba a tayar ba. Komai na cikin firizar ya narke, wuta ta dawo ya sake daskarewa, ta ɗauke ya sake narkewa.

Mako biyu na farko lafiya lau. A na huɗu na lura Baba finjali ɗaya ya sha, ya ƙara citta har tana yaji. Na tambaye shi, ya ce ba komai, Allah ya yi albarka. A na shida na iske turmin a kife, shi kuma yana ɗaki.

Yaya ya jira sai da muka dawo daga masallacin Juma'a. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya hura gawayi da kansa, ya kira Baba. Sannan ya shiga ciki ya fito da kwalba ɗaya. Ashe bai zuba tasa a mazubi guda ba. Kwalaben zuma ya samo guda shida, ya wanke da ruwan zafi, ya shanya su kwana biyu har suka bushe ƙarau, ya cika kowacce har wuya, ya sa leda a baki ya murɗa murfi, ya naɗe su a tsohon buhu don kada haske ya taɓa su. Da ya buɗe ta, ƙamshi ya cika zauren. Bai kai na ranar farko ba, amma gahawa ce.

Ya miƙo hannu. "Kawo taka, Malam."

Na ba shi. Ya zuba a tafinsa ya kai mini hanci, har yana taɓa leɓena.

"Shinshina. A'a, kada ka kau da kai, shinshina da kyau. Mene ne wannan?"

Ƙarnin kifi ne, da wani tsami-tsami na zoɓo. Ƙwayar ta dusashe, ba ta ƙara idan ka danna ta da haƙori.

"Wata guda cur tsohon nan yana haɗiyar romon kifi don kada ya kunyata ka," in ji Yaya. "Kai ga mai ilimi. Ko matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san abin da ka soya ba ka kai shi inda ke da laima. Ka zo duk mako kana ƙona mai, kana bin hanyar da ake tare mutane, don ka kawo wa ubanka wannan?"

Na ce ba laifin firiza ba ne, laifin wuta ne. Ya ce da ya yi maganar wuta, kunnena yana ina? Na ce shi da ya ajiye Baba a ɗaki kamar buhun dawa, har yana da bakin magana? Ya miƙe tsaye, ni ma na miƙe. Baba ya ce, "Kai, ku zamna! Mi ad da ku haka?" Ba wanda ya zauna. Na fizge ledata na hau babur ko sallama ban yi ba.

Raina a ɓace na isa Safana. Na wuce gidan matar kai tsaye na ciro sauran, kusan rabin abin da aka ba ni. Ban ko tsaya amsa gaisuwarta ba. A bakin kwatar da ke bayan makaranta na zazzage ta duka, na taka da takalmi. Na ji haushin Yaya, na ji haushin kaina, kuma na tsani ƙwayar nan kamar ita ta yi mini laifi.

Washegari ƙanwarmu ta kira, don labari ya riga ya kai mata. Bayan gaisuwa ta ce, "Ai mu ma nan muna sa ta a firiza, amma ba haka ake yi ba." Ta ce rabawa ake yi ƙulli-ƙulli, na mako-mako, a matse iskar, a rufe a abin da wari ba ya ratsawa. Wanda ka ciro ka ciro ke nan, ba ya komawa, kuma ba ka buɗe shi sai ya huce sanyin gaba ɗaya, don kada gumi ya sauka a kan ƙwayar. Ta ce duk wannan ma sai inda wuta ba ta ɗaukewa, in ba haka ba kwalba a ɗaki mai duhu ta fi. Na ce na gode, na kashe wayar. Na buɗe abin nan da na karanta, na gangara ƙasa, sai ga duk abin da ta faɗa a rubuce.

Na yi wata biyu ban taka Batsari ba. Ta waya nake jin Baba ya koma fitowa zaure, kwalba ɗaya na yi masa kwana goma sha wani abu. Yaya kuwa duk wanda ya zo gidan sai ya ba shi labarin malamin makaranta da romon kifi, har a sakatariya aka sani.

Kwalba ta shida ta ƙare ana tsakiyar damina, saura makonni da yawa kafin alhazai su dawo. Matar Yaya ce ta kira ni ta ce in zo, Baba ya kwana uku bai fito ba. Na je. Yaya yana ƙofar gida yana gyaran injin feshi, na yi sallama, ya amsa ba tare da ya ɗago ba.

Na iske Baba a kwance, ya rame, wuyansa duk ya fito. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwa a wajenmu. Sai ya kama hannuna, ya rage murya don kada a ji daga waje.

"Sauran taka tana nan ko? Kawo min ita. Ba komai da ƙarnin, in na ƙara citta ana sha."

Yaya ya riga ya zo bakin ƙofa yana tsaye, yana jiran ya ji abin da zan ce. Na ce, "Baba, na zubar."

Bai yi faɗa ba. Ya saki hannuna ya ce, "Duka?"