Harshen da Na Sha a Nono

Hannunsa na fara gani. Ina zaune bayan tukunyar koko ta goggona a unguwar Maamobi a Accra, littafin soyayya a buɗe kan cinyata, sai ga hannu ya miƙo kwano, farcen duk baƙin man inji amma hannun rigar fari tas. Na ɗaga kai, ya ce, “Ina kwana, 'yan mata? Ki zuba mini, ki haɗa da ƙosai.”

Ludayin ya kusa faɗuwa. A Hausarmu ta Zongo kowa “ka” ne, mace da namiji, tsohuwa da jariri. “Ki” kuwa a littattafai kaɗai nake ganinsa, a bakin samarin da ke tsayawa ƙofar gida da mota suna jiran masoyiya. Ban taɓa zaton zan ji mutum mai rai ya faɗa mini shi ba.

Ɗan Maradi ne, yana aiki a shagon kayan mota na kawunsa a Abossey Okai, yana kwana a Nima. Ni kuma Dagomba ce. A wani ƙauye kusa da Tamale aka haife ni, Dagbani na fara ji kuma shi na fara yi, sai da mahaifiyata ta rasu ƙanwar babana ta ɗauko ni zuwa Accra, ina 'yar makarantar firamare. Hausata a bakin famfo na tsince ta da Islamiyya, sauran kuma daga littattafan da fatake ke kawowa daga Kano, waɗanda nake karantawa har bangonsu ya rabu. A raina na ɗauka duk Maamobi babu wadda ta kai ni Hausa.

Kullum da safe yana zuwa. Yana kirana 'Yar Dagomba, ni kuma ina kiransa Yaya, don haka jarumai mata ke yi a littafi. Yakan yi dariyar maganata, ni ma in yi dariyar tasa, domin bai iya cewa trotro, wato motar haya, ba, sai “torotoro”. Goggo takan ce, “Wannan yaro ya na son ka paa, amma mutanen Nijar, hmm.”

Ranar da ya yi maganar aure, ya haɗa da sharaɗin da ba nasa ba. Mahaifiyarsa, Inna, idanunta sun yi rauni. Shi ne babban ɗa, duk wadda ya aura a Maradi za ta zauna tare da ita, yini guda su biyu a tsakar gida. Ta ce ba ta ƙi baƙuwa ba, amma ba za ta ƙare rayuwarta da surukar da za su riƙa “me kika ce, me kika ce” ba, jikokinta kuma su tashi da bakin da ba ta sani ba. Ta tambaye shi ko na iya Hausa. Ya ce mata kamar 'yar Maradi.

“Ta ce za ta yi magana da ke a waya bayan Sallah,” in ji shi. “In ta ji, shi ke nan.”

“In ba ta ji ba fa?”

Ya kalli ƙosan da ke hannunsa.

Akwai wata malama a gidan da ke bayan namu, haifaffiyar Kaduna, aure ya kawo ta Ghana, tana koyar da Turanci a wata makaranta wajen Kawukudi. Na je mata da kuka tun kafin in gama sallama. Ta bar ni na yi shiru, sannan ta ce in ba ta labarin jiya daga safe zuwa yamma. Ina yi tana girgiza kai.

“Kalmomi kam kina da su, har sun fi na yaran Kaduna,” ta ce. “Amma bakin na Tamale ne. Juya mini baya.”

Na juya. Ta ce “bari”, ta ce “ɓari”, ta tambaye ni ko ɗaya ne ko biyu. Na rantse mata ɗaya ne. Ta sake, na sake rantsewa. Na zo ne a gyara mini harshe, ashe kunnen ma da saura.

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce yaro tun yana goye kunnensa ke koyon waɗanne sautuka ne daban a yaren gidansu, waɗanne ne ɗaya. Idan ya girma ya ji sabon sauti a wani yare, sai kunnen ya kai shi wurin wanda ya fi kama da shi a na gida, bakin kuma ya bi kunnen. Dagbani ba shi da waɗannan sautuka da ake yi da maƙogwaro, shi ya sa nake jin su kamar na kullum. Littattafan ma ba su taimake ni ba, yawancinsu ba sa lanƙwasa haruffan. Haka kuma a Dagbani kalma ɗaya ce ake nuna mutum da ita, mace ko namiji, don haka tunanina bai saba tsayawa ya tambaya ba kafin ya yi magana. Mutanen Zongo kuwa, Dagomba da Mosi da Kotokoli da sauransu, kowa ya zo da irin wannan sabo, aka haɗu aka yi Hausar da yaranmu ke tashi da ita.

“To ciwo ne, Malama?”

“Wane irin ciwo? Saurayin naki da ke cewa torotoro, ciwo gare shi? Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a manne, sai bakinsa ya cusa wasali a tsakani. Kowa da nasa. Ke ma yarenku ya yi miki rana, kina jin hawa da saukar murya tun ba a koya miki ba, abin da ke sa Turawa kuka.”

“Zai fita kafin Sallah?”

“Zai kwanta in kina tsaron sa. Fita kuwa, ban yi miki alkawari ba.”

Na shiga tsaro. Tana ɗora yatsuna a maƙogwaronta in ji yadda yake sauka a wani sautin, yake hawa a wani, sannan in ɗora a nawa. Ina dama koko ina “ɗaki, ɗanye, ƙofa, ƙarfe”, har masu saye suka fara tambayar Goggo ko lafiya nake. Kowace mace ta wuce sai in ce a raina “ta wuce, ta tsaya, ta saya”. Na daina Dagbani da Goggo gaba ɗaya, ta yi fushi ta ce tun ban tafi ba na sayar da su. Na daina littattafan ma, na koma sauraren matan Nijar masu sayar da turare a kasuwar Nima, ina bin su kamar mai neman bashi. Na rame. Duk sujada addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sauya mini baki, ko na yini ɗaya.

Akwai abin da ya fi ba Malama tsoro. A wurinmu Dagomba idan babba ya gaishe ka, ka durƙusa ka ce “naa”, ya sake ka ce “naa”, kusan kowace gaisuwa amsarta ke nan. Hausa kuwa kowace da tata: ina gajiya, ba gajiya, ina aiki, da godiya. Ta ce wannan ya fi sauti zurfi, domin ba daga tunani yake fitowa ba, tare yake da durƙuson. Muka yi ta maimaitawa har na iya.

Bayan Sallah, wata la'asar, muka taru a ɗakin Malama don ya fi shiru. Saurayin nawa ya kira Inna, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye a kan tebur. Na durƙusa a gaban waya.

“Ɗiyata, kina lahiya?” Murya ce siririya, mai daɗi.

“Lafiya lau, Inna. Ina yini?”

Gajiya, gida, Sallah, zafi, duk na amsa kowace da tata. Ta tambayi sana'ata, na faɗa, ina taka kowace kalma kamar mai tsallaka kwata a kan katako. Ta yi dariya ta ce tana son ƙosai. Malama ta ɗaga mini babban yatsa. Shi kuwa har ya fara murmushi, na ga gidan Maradi a idona, da ni a ciki ina tace koko.

Sai Inna ta ce, “An ce mini mahaihiyarki ta rasu kina ƙarama. Allah Sarki, marainiya. Wa ya riƙa yi miki kitso?”

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ji ƙamshin man kaɗanya, na ji gwiwoyin uwata a kafaɗuna. Ta ce, “Allah Ya jiƙanta.” Na ce, “Naa.” Ta ce, “Allah Ya sa ta huta.” Na ce, “Naa, naa.” Daga nan na ɓalle. Na ba ta labarin uwata ina kuka, yadda ya yi ciwo, yadda ya kira ni, yadda ya mutu ban sani ba ina makaranta, da Hausar bakin famfo, da Dagbani a tsakani, ina jin kaina ina zubewa amma ba ni da hannun tarewa.

Da na tsaya, sai ta ce, a hankali, “Yi haƙuri, ɗiyata. Ban gane duka ba, amma na ji. Ba ni yaron.”

Ya ɗauki wayar ya fita. Na kama zanen Malama na ce ta ce a sake kira, zan gyara, na iya, ai ta ji na iya. Ta zaunar da ni. Ta ce lokacin da hankali ke kan magana ana iya tsaronta, idan baƙin ciki ko tsoro ya ɗauke hankalin, baki na komawa hanyar da ya fi sani, kuma haka yake ga kowa. Na ce to ni a Maradi kullum sai in yi tsaro?

Da ya dawo idonsa ja. Ya ce Inna ta ce ni yarinyar kirki ce. Ta ce amma ranar da za ta fi bukatar mu fahimci juna, ranar ciwo ko ranar mutuwa, ita ce ranar da ba za ta gane ni ba. Na roƙe shi a ƙara mini lokaci. Na bi shi har tashar mota ina roƙo, mutane na kallo. Ya ce zai sake gwada ta. Na san ya gwada, domin ya ci gaba da zuwa shan koko har damina ta wuce, kullum da ƙarancin magana, sannan ya daina.

Ya auri 'yar ƙanwar Inna a shekarar da ta biyo. Matar tana Maradi, ita ta yi jinyar tsohuwar har ta rasu, kuma ba ta taɓa zuwa Accra ba. Shi yanzu yana da shagonsa a Abossey Okai, gemunsa ya fara fari, yana zaune shi kaɗai a ɗakin haya, sai da Sallah yake zuwa ganin yaransa. Ni ma na yi aure, nakan gan shi idan na raka mijina sayen kayan tasi. Da Twi, yaren kasuwar, muke gaisawa, a gajarce, sannan ya shiga ciki ya ɗauko abin da aka zo nema.