Wandon Robar Goggo

Goggona, ƙanwar babanmu, shekara ashirin da bakwai tana sayar da ɗanyen kifi a layin ƙarshe na kasuwa, inda siminti ba ya taɓa bushewa. Tun safe take kankarewa, tana feɗewa, tana sheƙa ruwa. Ga taurin kai, in ta ce a'a, to ka nemi wuri ka zauna.

Da ciwon suga ya kama ta, tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya tsage. Malamar asibiti ba ta ɓoye mata ba: ko ƙafar ta riƙa wuni a bushe, ko ta bar teburin kifi, in ba haka ba wata rana sai an yanke.

Barin tebur kam ba ya cikin lissafinta. Ta sayi takalmin ruwa mai kaiwa gwiwa, ta fito da wandon roba irin na masunta, mai rufe ƙirji da igiya a kafaɗa. Na marigayi mijinta ne, shekara huɗu yana ninke a akwati.

Duk da haka kullum da yamma safarta sharkaf. Sau uku tana aikena da takalmin wurin mai faci. A na uku ya cika takalmin da ruwa, ya ɗaga mini, ko ɗigo.

"Ki gaya mata takalmi lafiyarsa lau," in ji shi.

"To mai facin ne mara lafiyar," in ji Goggo da na kai saƙo.

Ni dai tsoro nake ji, don gyambon ƙara faɗi yake.

Wani tsohon masunci mai kawo mata kifi, abokin aikin marigayin, shi ya gano. Ya tsaya yana kallonta tana ɗauraye tebur.

"Matar abokina, wa ya ce ki cusa ƙafar wando cikin takalmi? Duk ruwan da ya zubo miki a ƙirji, gangarawa yake ya shige ciki. A waje ake sakinsa, ya rufe bakin takalmin."

"Ya yi mini tsawo. In na sake shi ƙasa zai ja, siminti ya cinye bakin. In na naɗe, ya warware."

"Sai a rage masa."

Goggo ta shafa wandon, ta juya wurin masu saye. Sai a lokacin na fahimta, tun farko wandon take karewa, ba ƙafarta ba. Tausayinta ya kama ni har na kasa kallonta.

Ta gama sallamar mutum biyu, ta wanke hannu. Sannan ta zaro ƙafafun wandon daga takalmin, ta hau kan benci, ta miƙo mini almakashin da take yanke ƙayar kifi.

"Yanke daidai idon sawu," ta ce. "Da yana nan, da tuni ya yanke da kansa yana yi mini faɗa."