Ƙanƙara Mai Rami a Ciki

Shekarar da damina ta yi mana leƙe ta koma, ni ne mutumin Agiye da firigonsa ke haihuwar ƙanƙara da kansa. Kwance na saye shi, wato na hannu, a Jibiya, dogo kamar rumbu, da tiyo a bayansa da ke shan ruwa daga pampo. Na sha faɗa a majalisa cewa in na bar ƙofarsa buɗe, har Gazawa sai an nemi bargo.

Ina da saniya ɗaya, fara, a hannun wani Bafillace aminina, yana kiwonta cikin garkensa. Da ciyawa ta ƙare, makiyaya suka taru a wata rijiya gabas da gari, suna shirin gangarawa kudu, inda aka ce ciwon huhu na kashe shanu. Likitan dabbobi ya yarda ya bi su da allurar rigakafi kafin su tashi, amma maganin ba ya jure zafi, sai cikin ƙanƙara. Na bugi ƙirji na ce ya bar mini wannan.

A makon nan firigon ya fara abin da ban gane ba. 'Ya'yan ƙanƙarar suka ƙanƙance, in ka danna ɗaya sai ya fashe kamar ɓawon ƙwai, cikinsa wayam. Na kira mai gyara, wani Bagobiri daga Gidan Rumji.

"Bakatsine, mi ka yi mishi?" in ji shi.

"Bagobiri, ganinka ya yi ya tsorata."

Bai yi dariya sosai ba. Ya zare wuta, ya rufe pampo, ya nuna mini bawul ɗin da ke ƙasa a baya. Ya ce wannan ƙofa ce, takan buɗe na ɗan lokaci ƙayyadadde ta rufe, ko mazubin ƙanƙara ya cika ko bai cika ba. In ruwa ya zo da ƙarfi, ƙanƙara ta fito ɗauke da nauyinta. In ya zo a gajiye, sai ka sami ɓawo. Ya auna wayar bawul ɗin da na'urarsa, ya ce lafiya lau take. Ya ciro 'yar rariyar da ke bakinsa, ya kakkaɓe a tafin hannu. Rairayi ne, ja, mai laushi kamar garin lalle.

Ya daɗe yana kallonsa.

Daga nan ya sa bakin tiyon cikin bokiti, ya buɗe pampo. Da can ruwan nan in ya fito sai ka riƙe tiyo da hannu biyu. Ranar ya zubo kamar fitsarin ɗan akuya, ya yi tari, ya tsaya, ya sake zubowa.

"Firigonka ba ya da laihi," in ji shi. "Shato ne, babban tankin ruwan gari, ba ya cika. Rairayin ga kuwa daga gindin rijiyar burtsatse ya hito. Ƙasa ce ta fara ba mu abin da ya rage mata."

Ya ce tunda firigon na sanyi, in ɗebi ruwan randa in ƙulla a leda yadda kowa ke yi, ya daskare dunƙule, shi ne zai kai daji. Na je wurin uwargida. Ta tsaya gaban randar, ta ce tun asuba take layi a rijiya kafin ta sami wannan.

"Malam, yara za su sha ko saniya?"

Da na nace, da ta ba ni rabi, na san halinta. Amma ni da na cika gari da labarin firigo mai haihuwa, a gan ni ina ƙulla leda? Na wanke rariyar, na mayar, na tara abin da ya haifa kwana biyu.

Ran tafiya na cika wa likita akwatin sanyinsa har baki. Ya ɗaga, ya dube ni.

"Alhaji, ba nauyi."

"Ƙanƙarar Turai ce," na ce, "ba ta da ƙiba, sai aiki."

Ya ɗaure a bayan moto, wato babur ɗinsa, ya tafi. Da la'asar sai ga shi ya dawo. Ya buɗe akwatin a gabana, kwalaben maganin na iyo cikin ruwa mai ɗumi. Rairayin hanya ya riƙe shi, kafin ya isa rijiyar komai ya narke. Ya ce ba zai soka wa dabbar mutane maganin da ya mutu ba. Makiyayan kuma ba su iya jira, rijiyar ta koma laka.

Aminina ya aiko likitan da saƙo: in Allah ya kai su ya dawo da su, zan ga farar saniyata.

Na shiga ciki na tsaya kusa da firigon. Na ji bawul ɗin ya yi ƙararsa ta buɗewa, zzz, ya jira, ya rufe. Na leƙa mazubin, ko ɗigo babu. A tsakar gida uwargida ta buɗe pampo, yana ta shaƙar iska, ta zuba ruwan akwatin likita cikin randa.